Takardar asibiti ta ce kwana 12, amma yarinyar wata biyu ba ta je makaranta ba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. 'Yata tana aji uku na ƙaramar sakandare kuma tana da sikila. Tun 6 ga Oktoba ba ta ƙara zuwa makaranta ba, ƙafarta ce ta kumbura ga zazzaɓi, muka yi sati biyu muna ta maganin kemis a gida muna zaton ciwon da ta saba ne, da abin ya ƙi muka kai ta asibiti aka kwantar da mu kwana 12 aka ce ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashin, da aka sallame mu likita ya ce kar ta taka ƙafar sosai har sati huɗu. Yanzu ta samu sauƙi Alhamdulillah, sai makarantar suka ce sai na kawo wasiƙa da takardar likita in ba haka ba ba za ta zauna jarrabawa ba. Takardar da ke hannuna kwana 12 ɗin nan kawai ta nuna. Wata maƙociyata ta ce in roƙi likitan ya mayar da kwanan watan baya. Babanta kuma ya ce sam kar a rubuta sikila a ko'ina. Ni wallahi ko ta ina zan fara wasiƙar ban sani ba. Uwar 'ya'ya daga Zariya.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ƙara mata lafiya ya sa kaffara ne. Ki bar maganar maƙociyar nan tun a nan, kar ki kai ta gaban likita ma. Duk abin da aka yi wa yarinyarki yana rubuce a folda ɗinta ta asibiti da ranar da aka buɗe mata kati da ranar da aka ba ta gado, in makaranta suka ga wani abu bai yi musu daidai ba suka aika a duba, ranar gaskiyar ce za ta fito, kinga ke da kike da hujja mai ƙarfi kin koma mai ƙarya, likitan kuma aikinsa kika sa a haɗari saboda zai iya rasa lasisinsa. Kuma abin da ma ya fi wannan, ba ki buƙatar a canza miki komai, takardar da ta dace ce ba ki karɓo ba tukuna.

Abin da ke hannunki ina da yaƙinin takardar sallama ce, irin wadda ake ba mutum ranar da zai bar gado, ita kam aikinta ta faɗi ranar da aka kwantar da ranar da aka sallama da magungunan da za a ci gaba da sha da ranar dawowa kilinik, shikenan. Abin da makaranta ke nufi da takardar likita shi ne rifot, wato cikakken rahoton da likita zai zauna da folda a gabansa ya rubuta. Mu yi lissafin tare ki gani. Ta daina zuwa ranar Litinin 6 ga Oktoba, kuka yi sati biyu a gida, ke nan an kwantar da ku 20 ga Oktoba an sallame ku Juma'a 31 ga wata, sati huɗun hutu ya kai ku 28 ga Nuwamba. Sati takwas cif, kwanan makaranta 40 idan ba a cire hutun tsakiyar zango ba. A cikin 40 ɗin nan kwana 10 ne kacal suka faɗo lokacin da kuke kwance, 10 suna gaba da kwanciyar, 20 suna bayanta. To duk firinsifal ɗin da ya ɗauki takardar sallama ya ɗora ta kusa da rajista zai ce ina sauran kwana 30 ɗin, kuma ba mugunta ba ce, rajista sau biyu ake cike ta a rana safe da bayan tara, ƙarshen zango a haɗa jimla a sa a katin sakamako, in masu duba makarantu suka zo ita suke fara buɗewa, dole ya samu abin da zai maƙala a fayil ɗin yarinyar.

Kwana 20 na bayan sallama ba su da wata wahala ko kaɗan tunda likita ne da bakinsa ya ce ta zauna, kuma dama ƙwayar cuta in ta shiga ƙashi ba a kwana 12 ake gama da ita ba, maganin yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida, a fara da allura ta jijiya a asibiti a ƙarasa da na sha a gida, duk likitan da ya san aikinsa zai rubuta wannan ba tare da kin roƙe shi ba. Na farkon ne kike jin tsoro, su ma akwai hanyarsu ta gaskiya. Ranar da kuka je asibiti kafin a ba ku gado ai an tambaye ki yaushe ciwon ya fara, kika ce sati biyu ke nan, likitan da ya karɓe ku ya rubuta wannan a folda domin shi ne farkon abin da ake rubutawa a tarihin ciwo. Saboda haka a rifot zai iya cewa an kawo ta ranar kaza da ciwon ƙafa da zazzaɓi wanda mahaifiyarta ta ce ya fara sati biyu kafin zuwansu. Bai ce ya gan ta a wancan lokacin ba, bai yi ƙarya ba, amma ga kwana 10 ɗinki sun shiga takarda mai hatimi. Ke dai ki tuna masa, ki ce likita dan Allah a sa ranar da ciwon ya fara kamar yadda yake a folda domin makaranta ne ke nema, don in ba ki faɗa ba wani zai taƙaita ya fara daga ranar kwanciya.

Yadda ake nema kuwa, ki ɗauki katinta na asibiti mai lambar folda ki je sashen rikod, ko ki fara faɗa wa likitan a ranar kilinik ɗinku ya nuna miki inda za ki bi. A yawancin asibitocin gwamnati za a ce ki rubuta 'yar takardar buƙata ki biya kuɗin rifot a ba ki rasit, sai a ciro folda a kai wa likitocin da suka duba ta. Ba a rana ɗaya ake samu ba, wani lokacin kwana uku wani lokacin ya wuce sati in babban likitan da zai sa hannu ba ya nan, don haka gobe da safe ki fara da can kafin makaranta. Kuma in aka miƙo miki kar ki ninke ki jefa a jaka ki kama hanya, ki tsaya a wurin ki karanta ko ki ba wani ya karanta miki. Sunan da aka rubuta ya zama shi ne na rajistar makaranta, domin mu Hausawa wannan matsalar tana yawan cin mu, a asibiti an buɗe kati da sunan gida da sunan baba, a makaranta kuma sunan yanka da sunan kaka, sai ka ga takarda ta zo kamar ta wata yarinya daban. Ki duba ranakun, ki duba a kan takarda mai tambarin asibitin aka buga, da sunan likita da sa hannunsa da hatimi. Sai jimla ɗaya da mutane suke mantawa da ita kuma ita ce makaranta ta fi so, inda likita zai ce ya duba ta ya ga za ta iya komawa aji daga ranar kaza, da abin da aka hana ta kamar gudu da doguwar tsayuwa da kuma har zuwa yaushe. In babu wannan jimlar za ki iya samun firinsifal mai tsoro ya ce ki koma ki kawo shedar ta warke, kin yi sahu biyu a banza.

Yanzu maganar babanta. Na san abin da yake gudu, yarinya ce mace, gobe maganar aure za ta taso, ga bakin mutane, ga yara 'yan uwanta da za su mayar da abin sunan tsokana. Yana da haƙƙin ya ce kar a rubuta, kuma likita zai iya ba ku rifot ɗin da ba a ambaci sikila ba, a ce ciwon ƙashi ne da ya buƙaci kwanciya da hutu, gaskiya ne wannan kuma ya wadatar wajen bayanin rashin zuwa, sirrin mara lafiya ba a buɗe shi sai da yardar iyayenta. Amma ni dai ra'ayina, kuma na daɗe ina riƙe aji kafin in bar koyarwa, mutum biyu a makarantar nan dole su sani, firinsifal da malamin ajinta. Na taɓa ganin an sa 'yan makara sun yi tsallen kwaɗo daga bakin get zuwa aji cikin sanyin safiya, a cikinsu akwai yaro mai sikila wanda babu malamin da ya sani, kafin a tashi yana kwance a benci yana kuka da bayansa da ƙafafunsa, malamin da ya sa su ya fi kowa rikicewa yana ta rantsuwa da ya sani ko kallonsa ba zai yi ba. Abubuwan da ke tayar da ciwon nan duk suna cikin rayuwar makaranta ta yau da kullum, sanyi da ƙishirwa da wahalar jiki, ga shi Disamba za ta koma hunturu ya fara shigowa, asambili a tsaye a fili, wani malamin ba ya yarda a sha ruwa a aji, wani in yaro ya fita fitsari sau biyu ya ce iskanci ne alhali masu sikila suna yawan fitsari saboda ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa kamar ta kowa. Sannan zazzaɓi a jikinta ba irin na sauran yara ba ne da za a ba ta farasitamol a ce ta kifa kai a tebur har a tashi, ita in jikinta ya yi zafi ranar ake kai ta asibiti. Wanda bai sani ba ta yaya zai kiyaye?

To ki zauna da shi cikin lalama ki kawo masa tsakiya. Wasiƙar da rifot ɗin da za su shiga fayil, wanda akawu da duk mai buɗe durowa zai iya gani, a bar su a ciwon ƙashi kamar yadda yake so. Shi kuma ya raka ki ranar kai takardar, ku shiga ofis ku rufe ƙofa ya faɗa wa firinsifal da bakinsa a kira malamin ajin ya ji, a ce amana ce tsakaninku. Yawancin iyaye maza rubutun ne ke ba su tsoro, in magana ce ta baki da namiji ɗan uwansa ko dattijuwar shugaba sukan sauko.

Ita wasiƙar kanta kar ki tsawaita ta, shafi ɗaya ya isa, kuma kar ki cika ta da labarin wahalar da kuka sha da kuɗin da kuka kashe, wannan ki faɗa da baki in an tambaye ki. Sama ta hannun dama adireshinku da kwanan wata, ƙasa kaɗan ta hagu zuwa ga shugaban makaranta kaza, ta hannun malamin aji kaza, sai kan magana, sai jikin. Ga yadda zan rubuta da ni ce:

"Bayani kan rashin zuwan Wance 'yar Wane, aji 3B, lambar shiga makaranta kaza.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ni ce mahaifiyar wannan ɗaliba. Ina sanar da kai cewa ba ta samu zuwa makaranta ba daga Litinin 6 ga Oktoba zuwa Juma'a 28 ga Nuwamba saboda rashin lafiya. Daga 6 zuwa 19 ga Oktoba tana jinya a gida. An kwantar da ita a asibiti daga 20 zuwa 31 ga Oktoba saboda ciwon ƙashi a ƙafarta. Bayan sallama likita ya umarci ta huta a gida tana shan magani har sati huɗu. Ina ba da haƙuri da ban sanar da makaranta a rubuce tun farko ba. Likita ya tabbatar za ta iya dawowa aji ranar Litinin 1 ga Disamba, amma ya hana ta gudu da doguwar tsayuwa da aikin ƙarfi har sai ya sake duba ta ranar kaza, ranar ma ina neman mata izinin fashi. Ina roƙon a ba ta damar yin gwaje-gwajen da suka wuce ta, a kuma bar ta ta zauna jarrabawar wannan zango. Na haɗo da kwafin rahoton likita da kwafin takardar sallama. Ana iya samuna a wannan lamba a kowane lokaci. Na gode."

Sai sunanki da sa hannu, in babanta zai sa nasa a ƙasa ya fi ƙarfi. In shugabar mace ce kin san ranki ya daɗe za ki ce. In makarantar ba sa karɓa sai da Turanci ki ba wani mai ilimi ya juya miki wannan ɗin yadda yake, ki tsaya a kansa kar ya ƙara miki ƙawa ya canza ranaku, don masu buga takarda a shagon kwamfuta suna da wata tsohuwar wasiƙa a ajiye da suke canza wa suna kawai, sai ki ga an rubuta miki zazzaɓin cizon sauro da taifot alhali rifot na cewa ƙashi. Kin lura sati biyun gidan ban ɓoye shi ba, na faɗe shi a jimla ɗaya na wuce, ban tsaya kare kai ba kuma ban ambaci kemis ba tunda ba wanda ya tambaya. Ranakun wasiƙa da na rifot su zama iri ɗaya, wannan shi ne abin da ake fara dubawa.

Wajen kaiwa kar ki ba yarinyar ta kai, kuma kar ki tura hotonta a waya ki ce kin gama. Ki yi fotokwafin komai biyu biyu, asalin rifot ɗin ki tafi da shi su gani da idonsu ki dawo da abinki gida, domin za ki sake buƙatarsa a Islamiyya ko wata rana can gaba, kuma sake karɓo wani sabon kuɗi ne da sabuwar zirga-zirga. In kin miƙa, ki ce a sa miki hannu da kwanan wata da hatimin an karɓa a kan kwafinki. Wasu suna jin nauyin faɗin haka kamar rashin yarda ne, alhali aikin ofis ne kawai, firinsifal ana canza shi malamin aji ana canza shi, takarda tana ɓacewa a tsakanin tebur biyu, ranar da wani sabo zai ce ba mu ga komai ba kwafin nan ne zai yi miki magana.

Inda nake so ki fi sa ƙarfi shi ne makin gwaji, wanda malamai ke ce wa si'e. Barin ta ta zauna jarrabawa kaɗai bai gama magana ba. Sakamakon kowane darasi kashi biyu ne, na gwaje-gwaje da aikin gida wanda yakan zama 30 ko 40 cikin ɗari gwargwadon makaranta, sauran na jarrabawar ƙarshen zango. A ce tasu 40 da 60 ce, yarinyarki ta daure ta ci rabin jarrabawa ta samu 30, in gurbin gwaji babu komai jimlarta 30 ke nan, ta faɗi darasin da a gaskiya ba ta faɗi ba. Kuma firinsifal zai iya cewa ba komai an yarda, amma makin yana hannun malaman darussa ɗaya bayan ɗaya, mai lissafi daban mai Turanci daban mai kimiyya daban, in ba a sanar da su ba kowa sifili zai zuba ya wuce. Ki roƙi firinsifal ya rubuta umarninsa a jikin wasiƙar ya tura wa mataimakinsa mai kula da karatu ko jami'in jarrabawa, ke kuma ki kama malamin ajin ki karɓi lambarsa, shi zai bi miki malaman a sa mata ranar da za ta yi gwajin ko a ba ta aikin da zai maye gurbinsa. Tunda ajin ƙarshe take na ƙaramar sakandare ki tambaya a wurin ko an fara haɗa sunayen masu jarrabawar fita da ɗaukar hoto, don yaron da aka daɗe ba a gani ba shi ake fara tsallakewa a irin wannan jerin a zaton ya canza makaranta.

Kar kuma ki matsa mata ta kwafe rubutun sati takwas a kwana uku, yarinya ce da ta tashi daga jinyar ƙashi, ki ari littattafan ƙawarta mai rubutu mai kyau ki kai a yi fotokwafi ta karanta a kwance. In kika ga jarrabawar ta matso sosai har ba za ta iya ɗauka duka ba, ki nemi a bar ta ta rubuta waɗanda za ta iya yanzu sauran a yi mata a satin farko na zango na biyu, makarantu da yawa suna yin haka in akwai rifot a fayil, sai dai ki tabbatar an rubuta wannan yarjejeniyar a jikin kwafinki ita ma.

Tunda rifot zai ɗauki kwanaki ga lokaci ya ƙure, kar ki zauna jiransa. Ki kai wasiƙar da takardar sallama da kwafin rasit ɗin kuɗin rifot tun yanzu, ki canza layin da ya ce kin haɗo kwafin rahoton likita ya zama rahoton likita yana hanya zan kawo shi da zarar an ba ni, yawanci da wannan ma za a bar ta ta shiga aji ranar Litinin. Ta tafi da rigar sanyi da safa da gorar ruwanta.